Wasiƙar Mai Walda ga Autarsa

Mai Walda ake ce masa a layin, ko da yake yanzu waldar sai dai ya tsaya a kan masu yi yana faɗa. Shekara talatin da ɗoriya yana kallon tartsatsin wuta, rabin lokacin ba tabarau, don a ganinsa tabarau rage wa mutum sauri yake. Wutar ta ci idonsa a hankali. Yana gane mutum in ya matso, yana gane ƙarfe mai kyau da taɓi, amma rubutu ya zame masa tururuwa a kan takarda. Yawancin ƙofofin layin da tagoginsa aikin hannunsa ne, da su ya ciyar da 'ya'ya, ya kai su makaranta, ya aurar da manyan. Saura Auta, wadda ke aiki a kantin magani, kuma gobe ne ɗaurin aurenta da wani direban motar asibiti.

Matarsa Malama ce, ta koyar a firamare har gwiwoyinta suka ƙi tsayuwa. Shi ma Malama yake ce mata, kamar kowa.

Da hantsi Auta ta same shi a shago. Gida ya cika da baƙi, babu inda mutum zai sa ƙafa, shi ya sa ya gudo nan ya zauna a benci. Ta gaishe shi, ta zauna a kan wata tsohuwar taya. Bai ga fuskarta sosai ba, amma ya ji yadda take jan hanci.

"Wa ya taɓa ki?"

"Baba, jiya ya ce zai zo mu kai kayana sabon gida. Na zauna har rana ta faɗi, wayarsa a kashe. Da ya kira, wai an tura shi ɗauko mara lafiya. Na ce masa haka zan ƙare rayuwata ina jira? Ya ce in tun yanzu ba zan iya ba, in faɗa masa. Tun daga nan ba mu sake magana ba."

"To?"

"Tsoro nake ji. Tun ba a ɗaura ba muna haka. Ni irin zamanku nake so, kai da Mama. Tun da na yi wayo ban taɓa jin kun yi faɗa ba."

Ya buɗe baki, sai ga wata gwaggonta ta leƙo tana kiranta, wai tela na jira. Ta share ido ta tafi.

Ya daɗe a zaune. Maganar nan ta ƙarshe yake ta juyawa a ransa. Shi da Malama sun yi alƙawari tun farko ba za su ɗaga murya a gaban yara ba, sun kuma cika. Sai yau ya ga abin da ya biyo baya: yarinya ta girma tana zaton gidan da ake ƙauna ba a saɓani a cikinsa.

Bayan la'asar Malama ta zo shagon tana ɗingishi, da nufin ta ɗan miƙe ƙafa inda ba mai kiran sunanta. Ta zube a kujera ta cire takalmi.

"Wallahi in aka sake tambayata inda aka ajiye tabarmi, ihu zan yi."

Ya gaya mata abin da Auta ta ce. Malama ta yi wata gajeriyar dariya marar daɗi.

"Ba ta taɓa ji ba? Lallai mun iya rufe ƙofa."

"Ina so in rubuta mata wasiƙa. In na ce zan yi mata magana baki da baki, ba za a bar mu ba, kuma ni kin san bakina. Ke za ki rubuta."

"Yau? Baban yara, ko numfashi da ƙyar nake yi."

Amma ta jawo takarda daga aljihun teburinsa, ta goge ƙurar da gefen mayafi, ta sa gilashinta.

Ya gyara murya. "'Yata, aure kamar walda ne. In za a haɗa ƙarfe biyu..."

"Ba zan rubuta ba. Ƙofa za ta aura? Faɗa mata abin da ya faru."

Ya yi tsaki, sannan ya sake farawa, a hankali, tana rubutawa.

"Auta, ni da mahaifiyarki mun yi faɗa fiye da yadda zan iya tunawa. Mun ɓoye muku ne kawai. Mun yi a kan dangi, mun yi a kan makarantarku, mun yi a kan abin da ko sunansa kunya zai ba ni. Saboda haka saɓanin jiya bai ce komai a kan aurenki ba. Abin da zai faɗi wani abu shi ne yadda za ku fita daga cikinsa.

"Kada ku yi magana mai nauyi da yunwa ko da gajiya. Mutumin da ya wuni yana ɗaukar marasa lafiya, in ya shigo ba shi da kunne. Ke ma in kin wuni a tsaye haka ne. A ci abinci, a huta, sannan a yi. Amma a yi. Kada a ce ya wuce alhali yana nan. In kin yi laifi, ki ambaci laifin da sunansa. 'Yi haƙuri in na ɓata maka' ba ban haƙuri ba ne. Ni da na ga na yi kuskure nakan fara..."

Alƙalamin ya tsaya.

"Kai kake farawa?"

"Wani lokaci."

"Baban yara, ka ji tsoron Allah. Sai mun yi shekara goma kafin na ji kalmar daga bakinka. Kai dai in ka yi laifi, sai in tashi in ga an gyara murhu, ko an sa wa kujera sabuwar ƙafa."

"To ai shi ne."

"Ni a lokacin na san shi ne? Kuka nake ina cewa mutumin nan ya fi son kujera a kaina."

Ya sosa ƙeya. "To rubuta haka."

Ta rubuta da nata bakin, tana karanta masa: "Mahaifinki da aikin hannu yake ba da haƙuri, ni da baki nake son ji. Mun daɗe kowa na bayarwa, ɗayan bai san an ba shi ba. Ki lura da yadda mijinki yake nuna kulawa, ki kuma gaya masa a fili yadda kike so a nuna miki. Kada ki jira ya gane da kansa. Ba zai gane ba."

Wani ya leƙo yana tambayar ƙofarsa, Mai Walda ya ce ya dawo jibi. Da mutumin ya tafi, ya zauna yana murza tafin hannunsa.

"Sai maganar yaron," ya ce.

Malama ta cire gilashin. Suna da ɗa kafin Auta, zazzaɓi ya ɗauke shi yana koyon tafiya. Yaran sun san an yi shi, ba su san sauran ba.

"Dole ne?"

"In ba mu faɗa ba, sauran duk surutu ne."

Ta mayar da gilashin. Ya yi magana yana kallon ƙasa.

"Bayan rasuwar yayanki, mun yi kusan shekara ba ma iya kallon juna. Ba wanda ya yi wa wani laifi. Ita tana son a yi maganarsa, ni ba na iya jin sunansa. Nakan kai dare a shago don kada in koma. A shekarar nan, in ce miki ina jin so a zuciyata, na yi ƙarya. Ban ji komai ba. Ita ma haka ta ce. Amma kullum abincina na zuwa, kullum ina kai ta bakin makaranta kafin in buɗe shago. Ba mu gaya wa juna kalmar da ba a iya janyewa ba. Abin da ya riƙe mu ke nan har jin ya dawo, kuma bai dawo irin na da ba, wani ne daban. Za ki ga kwanakin da zuciya ba ta ba ki komai. A ranakun nan ki ci gaba da kyautatawa, shi ma ya ci gaba. In mutum ɗaya ne ke yi, ba ya ɗorewa."

Malama ta ƙarasa rubuta wannan. Sannan ta ce, "Akwai wanda ka manta." Ta rubuta, ta karanta: "Duk wannan haƙurin na gajiya ne da saɓani da halin rayuwa. Ba na duka ba ne, ba na wulaƙanci ba, ba na zama cikin tsoro ba. In wannan ya zo, ɗakinki yana nan a gidanmu."

"Sa sunana a ƙarƙashin wannan ma," ya ce.

Ta riƙe masa gefen takardar, ya lalubi wurin ya sa hannu. Ta ninke, ta nemi takalminta da ƙafa, ta miƙe da nishi. A ƙofa ta ce, "Ka taso ka ci wani abu, tun safe shayi ne a cikinka."

Kafin magariba ta ba Auta wasiƙar. Abin da Mai Walda ya sani shi ne yarinyar ta kulle kanta a banɗaki, nan ne kawai ba baƙi, ta daɗe, ta fito ta nemi wayarta. Washegari aka ɗaura aure. Ba ta ce masa komai game da wasiƙar ba, sai dai lokacin sallama ta riƙe hannunsa fiye da yadda aka saba. Shi kuwa ƙafafunsa sun kumbura, kansa na sarawa, burinsa kawai kowa ya watse.

Bayan 'yan watanni, wata rana da tsakar rana, motar asibiti ta tsaya a bakin shagon. Surukin ya fito, ya durƙusa ya gaishe shi, idonsa ja don rashin barci. Ya zauna a benci yana juya makulli.

"Baba, ta karanta min takardar nan tun makon farko."

"To, madalla."

"Shekaranjiya mun yi faɗa. Da yunwa kuma muka yi, duka mu biyun. Na faɗi abin da bai kamata ba."

"Ka ɗaga mata hannu?"

"Subhanallahi, a'a, Baba."

"Ka gaya mata abin da ka faɗa ɗin ba daidai ba ne?"

"Na saya mata takalmi."

Mai Walda ya sauke numfashi mai tsawo, ya jingina da bango ya lumshe ido.

"Yaushe za ka tashi aiki?"

"Sai yamma."

"Ka je ka yi barci tukuna, ko na awa guda ne. In ka farka ka faɗa mata da bakinka. Takalmin ka bari sai ta amsa."

Wayar surukin ta yi ƙara, asibiti ne ke nemansa. Ya miƙe da sauri, ya yi sallama, ya tada mota. Mai Walda ya saurari ƙarar har ta sha kwana, sannan ya juya ga masu aiki ya ce su rage wutar, suna ƙona ƙarfen mutane.