Cokali na Huɗu

Duk wanda ya bugo waya tsibirin Haddon yana tambaya ko akwai abin da zai ishi mutum yi na mako guda, a ƙarshe wajen Lorna Titus ake tura shi. Ba ma'aikaciyar kowa ba ce. Ɗaki biyar gare ta na saukar baƙi a gidan da mijinta ya mutu ya bar mata, sai baki da ba ya iya rufa wa tsibirin asiri.

Cokula bakwai take jerawa a teburin kicin, waya a maƙale tsakanin kunne da kafaɗa. Ta janye biyu, ranar zuwa da ranar komawa, don jirgin fito sau biyu kawai yake tashi a yini, kuma duk ranar da aka shige shi ta tafi ke nan. Ta janye ɗaya saboda hazon teku, wanda a watan Yuli ba ya neman izinin kowa. Saura huɗu. Rana ɗaya ta zagaya tsibirin a keke, awa uku ce in ba a tsaya hira ba. Rana ɗaya ta fita kallon manyan kifayen nan masu fesa ruwa sama, in iska ta yarda. Rana ɗaya ta hanyar kan duwatsu da gidan tarihi, wanda ɗaki biyu ne, kuma Talata da Alhamis kaɗai ake buɗe shi. Cokali na huɗu kuwa tsibirin ba shi da abin ɗora masa. Sai ta ɗaga shi ta yi tambayarta:

"In ruwan sama ya tsare ka a gida yini guda, me kake yi?"

Wanda ya ce karatu, ko saƙa, ko barci, ta ce ya zo mako. Wanda ya ce yakan hau mota ya tafi wani wuri, ta ce, "Kwana huɗu ya ishe ka. A nan in ka hau mota, minti ashirin ka dawo inda ka taso."

Alton mai sayar da tikitin jirgi, wanda suka yi makaranta aji ɗaya, ya daɗe da sallama ta. "Ke dai Allah ya haɗa mu da ke," yakan ce. "Mutane na jawo baƙi, ke kina kora."

"Waɗanda na kora su ke dawowa, tsoho. Naka fa? Rana ta biyar suna bakin tagarka suna tambayar jirgin safe."

Gaskiyarta ce, kuma Alton ya sani, shi ya sa abin ke ba shi haushi.

Sau ɗaya tak ta taɓa yin ƙarya da cokulan nan, kuma ɗanta ta yi wa. Wendell yana shekara goma sha takwas ya bar tsibirin, yana cewa ba abin yi a nan sai kallon ruwa ya tafi ya dawo. Ya zauna a birnin Montreal, ya auri Colette. Da suka yi niyyar zuwa na kwana uku, Lorna ta rantse musu mako ma ba zai ishe su ba. Kewar ɗanta ce ta sa ta, ba wani abu ba. Suka zo, hazo ya rufe su kwana huɗu a jere, Colette da tsohon ciki tana zaga falo, Lorna tana bin ta da shayi da shawarar da ba a nema ba. Ranar tafiya Colette ta yi godiya irin wadda ake yi wa mai otal. Ba ta sake taka tsibirin ba. Wendell yakan leƙo shi kaɗai, kwana biyu, ya koma. Jikarta Odile kuwa, sau huɗu Lorna ta gan ta a shekara goma sha biyar, na huɗun a wajen jana'izar Wendell, bara da kaka, bayan zuciyarsa ta tsaya yana bakin aiki.

Wata safiya a watan Mayu waya ta yi ƙara tana wanke tukunya.

"Lorna, Colette ce." Suka gaisa sama-sama. "Odile ta matsa min tana son ganin inda babanta ya tashi. Ina da hutu mako na biyu na Yuli, daga Asabar. Abin da nake son sani, akwai abin da zai riƙe yarinya mai shekara sha biyar mako guda? In babu, sai mu raba, sauran mu yi a wajen yayata a Halifax."

Lorna ta goge hannu ta buɗe aljihun cokula. Hannunta rawa yake. Tana son makon nan kamar ta yi kuka, kwana bakwai da fuskar Wendell a teburinta. Ta jera su, ta janye biyu, ta janye ɗaya.

Kuma tana da abin da za ta jawo su da shi. A ƙarshen tsibirin akwai tsohuwar hasumiyar fitila a kan wani dutse, sai ta hanyar yashi ake isa gare ta, hanyar kuwa ba ta fitowa sai ruwa ya janye sosai, kwana uku ko huɗu wajen cikar wata ko sabon wata. Wendell ya sassaƙa sunansa a ƙofar. Lorna ta duba takardar lokutan ruwa da ke manne a jikin firiji: a makon nan, sai Juma'a da sassafe hanyar za ta buɗe. Da ta ce "sunan babanta na can, amma sai Juma'a," shi ke nan, ba uwar da za ta iya hana yarinya.

"In ruwa ya tsare Odile a gida, me take yi?" ta tambaya.

Colette ta yi 'yar dariya. "Waya. Ita da ƙawayenta, daga safe har yamma."

"A nan waya ba ta kamawa sai a bakin tasha." Lorna ta ɗauki cokali na huɗu, ta juya shi, ta ajiye shi gefe. "Yini uku ne, Colette. Ku zo Asabar, ku koma Laraba, in hazo ya ci ɗaya sai ku haƙura da keke. Akwai hanyar hasumiya da ke buɗewa Juma'a, Wendell ya rubuta sunansa a can. Amma awa biyu ce, kuma kafin ita yini biyu ne da ba komai a ciki. Ba zan ce miki ya cancanci jira ba. Kin san yadda ranakun nan suke."

Shiru ya ɗan yi tsawo.

"Na sani," in ji Colette. "Na zaci za ki ce mako."

"Na taɓa faɗa."

Da ta ajiye wayar ta zauna ta yi kukanta, na takaici, don ita da bakinta ta mayar da kwana uku. Da Alton ya ji labari sai da ya cire tabarau. "Jikarki guda ɗaya a duniya, ita ma kin kora? Ke kam a kai ki asibiti."

"Ba ni tikitin kaya na, malam, ka bar ni."

Suka zo ranar Asabar a jirgin yamma. Odile doguwa ce, mai yawan shiru, tana tafiya da kafaɗa ɗaya a sama kamar ubanta, abin da ya sa Lorna ta juya tana gyara labulen da ba abin da ya same shi. Lahadi suka zaga a keke. Litinin aka fita teku, Colette ta yi ta amai, Odile ta dawo da kunci ja tana ba da labari da hannu biyu. Talata hazo ya sauko tun asuba, ko shingen gidan ba a gani. Suka je gidan tarihi, minti arba'in suka gama shi har da karanta duk takardun bango.

Lorna ta ga yarinyar ta ɗaga waya sama tana neman layi, gabanta ya faɗi. Wannan karon ba ta bi kowa da shayi ba. Ta shiga kicin ta kama yankan kifi.

Can sai ga Odile a bakin ƙofa. "Kaka, Baba me yake yi in an yi irin wannan?"

"Mita. Ya fi kowa iya ta."

Yarinyar ta yi dariya, karo na farko a gidan. "Bayan mitar fa?"

"Sai ya hau sama ya buɗe taga, yana sauraren jirage, yana faɗa min na wane ne daga ƙarar injin. Bai taɓa kuskure ba, ɗan banza."

Odile ta hau. Har aka gama miya tana can, taga a buɗe, sanyi na shigowa gidan, Lorna ba ta ce a rufe ba. Colette ta zo ta tsaya kusa da ita tana yanka burodi, ba wadda ta yi magana, amma ba irin shirun wancan zuwan ba ne.

Laraba gari ya waye tas. A tasha, Alton na kallonsu ta taga yana girgiza kai. Odile ta rungume kakarta, ta ce a kunnenta, "Na gane guda biyu. Na Alton da wani mai tari." Ta ja jakarta ta shiga jirgi.

Colette ta tsaya baya. Ta ɗan duba ruwa, sannan ta ce, "Hanyar hasumiyar nan. Baɗi wane mako take buɗewa?"

"Takardar baɗi ba ta fito ba tukuna. In ta zo zan duba in faɗa miki."

"Ki faɗa min da wuri, in nemi hutun a daidai." Ta gyara jakar kafaɗarta. "Yini nawa za mu sa?"

Lorna ta buɗe baki. Bakwai na kan harshenta.

"Da hasumiyar a madadin keke, uku," ta ce.

"Ki sa huɗu," in ji Colette. "Ta ce akwai sauran jiragen da ba ta koya ba."

Lorna ta tsaya har jirgin ya wuce dutsen ƙarshe. Alton ya leƙo zai yi magana, ya ga fuskarta, ya koma ciki. Ta tako gida a hankali, ta hau sama don ta rufe tagar. Ta kama marfin, ta ji wani inji daga nesa, sai ta tsaya tana ƙoƙarin gane ko na wane ne.