Agustan Mushe Istifanus

Da na dawo daga karatu a waje, ban yarda jadawalin shigar kuɗi da fitarsu wata-wata na iya kayar da mutum ba, sai da na san Mushe (wato Malam) Istifanus, ma'ajin wata lekol, makarantar kuɗi, a unguwar Talladje.

Shekarar fari, zamanin soja, direktan lekol ɗin ya kori Dabora, 'yar Istifanus, saboda rashin biyan kuɗin zango. Istifanus ya haɗiye. Ya haɗa kasafin shekara daidai, ya liƙa jadawalin a baya: kuɗi na shigowa Oktoba, Janairu da Afrilu, albashi kuwa kowane wata, Agusta babu ko dala. Direkta ya duba jimillar shekara kawai, ya sa hannu, ya soma gini da kuɗin. Da Agusta ta zo, malamai suka rasa albashi, kwamitin lekol ya sallami direktan.

Da Istifanus ya ba ni labarin, na ce, "Baba, me ya hana ka gargaɗe shi?"

Ya ce, "Shi ya gargaɗe ni kafin ya fitar da Dabora gaban 'yan ajinsu?"