Gonar Baba da Kwandon Shara

Tun da shanyewar ɓarin jiki ta zaunar da Baba, gonarsa ta hanyar Ƙarfi ta koma hannun ƙannena, shi kuma ya koma kan tabarma a zaure. Ni na saka masa wasan noma a waya don ya rage zaman shiru. Ashe aiki na jawo wa kaina. Mutumin da ya shekara arba'in yana noman masara da auduga, sai ga shi yana shuka da yatsa ɗaya, yana girbi, yana kiwon kaji a cikin gilashin waya. Har da lido ya koya, amma gonar ce ransa.

Wata Asabar na taso daga Funtua, na sha zaman mota, ƙafafuna a kumbure. Ko ruwa ban sha ba ya miƙo mini wayar.

"Uwata, gonar ta ƙi buɗuwa."

Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa gare ni. Na duba. Wasan na neman a sabunta shi, waya kuwa ta cika maƙil, babu wurin da sabon zai sauka. Kuma ban taɓa haɗa wasan da wani akawun ba, sakacina ne. Duk abin da ya noma a cikin wayar nan kaɗai yake. In aka goge wasan, shi ke nan, sai dai ya faro daga fili.

Na shiga saitin, na bi manhajoji ɗaya bayan ɗaya ina share kash, wato tarkacen da suke tarawa su kuma sake tarawa. Kusa da shi akwai wani maɓalli na share data. Ba datar da ake saya ba ce, ajiyar manhajar ce gaba ɗaya, don haka da na zo kan wasan sai da na riƙe numfashi. Na cire manhajojin da bai taɓa buɗewa ba. Wuri ya ɗan samu, amma bai isa ba.

Sai na gano inda gizo ke saƙar. Guruf-guruf na hira da aka saka shi a ciki! Na masallaci, na manoma, na dangi. Bidiyon wa'azi, karatu, hotunan barka da Juma'a masu furanni, wani har sau biyar, tarin shekara uku, kowanne yana sauka da kansa. Na zaɓe su duka, na kai yatsa kan alamar gogewa.

Baba ya leƙo. "Wannan hoton mene ne?"

"Kwandon shara ne, Baba."

"Shara? Sunan Allah za ki zuba a shara?"

Na ce ba kwandon gaske ba ne, zane ne. Ya ce to me ya sa suka zana kwando? Wallahi raina ya ɓaci. Mutumin nan ko takarda ya tsinta a hanya da baƙin Larabci, sai ya kaɗe ta ya soke a jikin katanga. Na sani sarai, amma gajiya ta sa na ɗaga murya.

"To Baba, ɗaya za a yi. Ko su, ko gonar."

Ya kalli hannunsa da ba ya motsi.

"Goge gonar," in ji shi. "Ai na saba."

Kunya ta kama ni har wuya. Na tashi, na hau mashin zuwa Malumfashi, na sayo memori, ɗan katin ƙarin ajiya, a wurin masu kayan waya. Na saka shi, na shiga manhajar fayil, na zauna kusa da Baba yadda zai gani.

"Ba shara ba ce, ƙaura za su yi. Daga wannan ɗaki zuwa wancan."

"Ba abin da zai faɗi a hanya?"

"Ko wasali."

Muka zuba wa layin da ke nuna tafiyar ƙaurar ido yana jan ciki har la'asar ta wuce. Da ya gama na buɗe masa wa'azi ɗaya daga cikin memorin, ya ji da kunnensa. Na kashe saukar da bidiyoyin ke yi da kansu, na haɗa wasan da imel ɗina, abin da ya kamata in yi tun farko. Memorin kuwa ya ce a ciro. Ya sa na naɗe shi a takarda, na saka a gafakarsa tare da sauran takardun karatu.

Wasan ya sabunta, ya buɗe. Masara ta nuna, kaji na jiran tsaba. Ya kai yatsa ya fara girbi a hankali, bai dube ni ba.

"Sannu, Uwata," ya ce. "Wannan gonar ita kaɗai ce ba ta tambayata ƙafa."