Ƙyallen Takardar da Muryar Ba Ta Karanta Ba

A shekarun da na yi aiki a wani ƙaramin asibitin ido na wata gidauniya a Nassarawa GRA, ni ce mai mayar da sanarwa murya. Asibitin ido ne, amma komai a allo ake liƙa shi, sai ka ce masu zuwa wurinmu sun fi kowa gani.

Aikin ba wuya, sai dai cin rai. Sakatare zai turo min rubutun daga kwamfutarsa, ni kuma in gyara shi yadda kunne zai ɗauka, in sa a wata manhaja mai karanta rubutu da murya. Lambobi duk sai na rubuta su da kalmomi, in ba haka ba manhajar ta karanto su da Turanci. Rana da wuri nakan dawo da su farko, in maimaita su a ƙarshe. In zuba aya da waƙafi don ta riƙa numfasawa, in rage mata sauri, don in ka bar ta zuba take kamar ana korar ta. Sai na saurara daga farko har ƙarshe, sannan in tura wa masu babbar waya ta WhatsApp, masu ƙaramar waya kuma in sa musu a memori idan sun zo.

Cikin masu ƙaramar waya akwai wani dattijon tela daga Tudun Murtala. Idonsa ɗaya ya daɗe da mutuwa, ɗayan kuma yanar ido ta rufe shi, har ya jingine keken ɗinkinsa. Ba abin da yake so a duniya irin a cire yanar nan ya koma zura zare da kansa. Muryar kuwa ya mayar da ita abar tsokana, amaryarsa yake ce mata.

"'Yata, yau me amaryar tawa ta ce?"

"Ta ce ka daina yi mata gardama, Baba."

Ya taɓa gaya min dalilin da ya sa yake son ta. Da, sai ya roƙi wani ya karanta masa, mai karatun ya tsallake abin da ya ga dama. Wannan kuwa ko sau goma ya ce ta sake, ba za ta yi tsaki ba.

Likitocin da ke aikin yanar ido kyauta daga shekara sai shekara suke zuwa. Da aka sa rana, na yi sanarwar: Alhamis da safe. Na sa masa a memori, ya saurara a gabana, ya tafi yana murna.

To, ofishinmu yana da wata al'ada. In an sami canji, sakatare ba ya sake buga takarda. Ƙyallen takarda yake yankawa, ya rubuta gyaran da biro, ya manna a kan tsohon layin. A wurinsa an gama sanarwa ke nan. Likitocin suka dawo da zuwansu Talata, ya manna ƙyallensa, rubutun cikin kwamfuta kuwa yana nan da Alhamis ɗinsa. Ɗakina a baya yake, ba ta gaban allon nake wucewa ba. Sai ran Litinin na ji a bakin wata nas, na sake yin muryar, na tura. Masu WhatsApp suka samu. Layin Baba na kira na kira, a kashe.

Ran Alhamis ya sauka daga adaidaita da farar riga, da 'yar jakarsa. Maigadi ya ce masa ai likitoci sun tafi. Bai yi musu ba, wayarsa kawai ya ciro ya kunna. Daga tagata na jiyo muryar tana faɗin Alhamis da safe, a nutse, da numfashin da ni na sa mata. Raina ya ɓaci ƙwarai, na fito.

Ashe wani maƙwabcinsa ya ce masa ya ji kamar an ce Talata. Shi kuma ya ce a'a, shi yanzu ba ya bin jita-jita, da kunnensa ya ji.

Sakatare ya fito yana cewa, "Haba Baba, ai mun liƙa! Ga shi nan ɓaro-ɓaro."

Baba ya ce a kai shi wurin. Na riƙe bakin sandarsa har gaban allon. Ya shafa takardar daga sama, yatsansa ya tsaya a kan ƙyallen, ya bi gefensa kamar mai duba faci a riga.

"Lallai kam, kun liƙa," ya ce. "Sai yaushe kuma?"

Sakatare ya ce sai baɗi, in Allah ya kai mu.

Ya buɗe bayan wayar, ya lalubo memorin da farce, ya miƙo min.

"Ungo, 'yata. In lokacin ya yi, zan sami mai karanta min."