Wasiƙar da Ƙanen Mijina Ya Rubuta da Bakina

Ni dai tun da na ga ya shigo da tsire a takarda na san akwai magana. Ƙanen mijina bai taɓa kawo min ko ɓarin goro ba sai yana neman wani abu. A shekarun farko na jihar Kebbi ne, lokacin da mutanenmu ke ta kwaso kaya daga Sakkwato suna dawowa gida, shi ma ya dawo mana Jega da akwati ɗaya da rigar likita fara sol, wadda ban san inda ya samo ta ba. Ni kuwa ina aikin jinya a wani asibiti a garin, muna zaune a Jega Magaji.

"Matata," ya ce, don haka yake kirana da wasa, "hannu kawai za ki sa. Na hutar da ke, na rubuta komi."

Wani Alhaji ne mai fataucin albasa a Aliero ya gina ɗakin shan magani a ƙauyen mahaifiyarsa, can ƙasar Maiyama, gaba da Liba. Yana neman wanda zai zauna a ciki, ya kuma ce ba zai ɗauki kowa ba sai da wasiƙar shaida daga ma'aikacin lafiya da aka sani. A irin wannan ƙauyen ba likita, ba mai leƙa aikinka. Wanda aka damƙa wa allura shi ne wuƙa shi ne nama. Sa hannuna ne zai ba ƙanen mijina wannan allurar, kuma jikin 'ya'yan mutane za ta shiga.

Na karɓi wasiƙar da ya rubuto. Shafi biyu cif, da rubutu mai kyau, don Allah ya ba shi hannu. Na ce ya zauna, na aika aka ɗauko min jan biro daga aljihun rigar aikina.

"Jan biro kuma? Jarrabawa ta?"

"Da sunana za ta fita. Sai na karanta sau uku."

Wannan karatu uku ba ni na ƙirƙiro shi ba. A makarantar jinya wata tsohuwar shugabarmu ta ɗora mu a kai, mace mai tsananin tsiya, Allah ya jiƙanta. In ka rubuta a rahoton miƙa aiki cewa mara lafiya ya ɗan ji sauƙi, sai ta tsare ka da ido ta ce sauƙin me, zazzaɓin ne ya sauka ko aman ne ya tsaya, kuma wa ya auna. Mun tsane ta a lokacin. Amma har yau ko wasiƙar gaisuwa aka ba ni, sai na ji idona na yi mata wannan bi ukun.

Karatun farko na iƙirari ne. Duk inda takarda ta ce an yi wani abu, sai ka tambaye ta a ina, yaushe, wa ya gani. Tasa ta ce ya shafe shekaru da dama yana hidimar lafiya a manyan wurare a Sakkwato. Na ja layi a ƙarƙashi.

"Shekaru nawa ne da dama?"

"To, sun yi yawa dai."

"Manyan wurare, wane da wane?"

Ya yi dariya ya ce kishi nake, ban so mijina ƙarami ya yi suna. Ban yi dariyar ba. Na ce ya faɗa min sunan wuri ɗaya da sunan wanda ya yi aiki a ƙarƙashinsa, don ni ma a Sakkwato na yi karatu, da wuya in rasa wanda na sani. Nan ya fara sosa ƙeya. Manyan wuraren suka koma wuri ɗaya, wurin ya koma shagon sayar da magani na wani abokinsa kusa da tasha. Shekarun kuma da muka bi su daga bikin ƙanwarsu zuwa dawowarsa, ba su cika biyu ba.

Haka na bi sauran. Ya samu horo iri-iri. Wane iri, wa ya ba shi, ina takardar? Ta ɓace wajen kwasar kaya. Ya taimaki marasa lafiya ba adadi. Da me? Jama'a da dama sun shaide shi. Su wa? Duk tambayar da na yi sai ya ba ni wasa, wasan kuma sai ƙara gajarta yake. Abin da ya fi damuna shi ne mutumin nan ba wawa ba ne. Ya san inda ya yi aiki, ya san tsawon zamansa. In ya rubuta da dama, da gangan ya rubuta.

Karatu na biyu na ciko ne, ya fi sauƙi. Ka ɗora babban yatsa a kan jimla ka rufe ta, ka karanta na sama da na ƙasa. In ba abin da ya ragu, ka soke ta. Sallama da gaisuwa na bari, don wasiƙa ce zuwa ga dattijo. Amma bayan gaisuwar sai da ya yi rabin shafi yana bayyana wa Alhaji muhimmancin lafiya ga ɗan Adam, mutumin da ya riga ya zuba bulo da kwano saboda ita. Ga kamar yadda kowa ya sani, ga ba sai an faɗa ba, ga a taƙaice dai, wadda bayanta aka yi layi goma. Na yi ta rufewa ina sokewa. Shafin farko ya koma kamar an yanka kaza a kai.

"Matar Yaya, kin kashe wasiƙar."

Na lura ya daina ce min matata. Na ce ban taɓa komai mai rai ba tukuna.

Karatu na uku na yabo ne. Duk kalmar yabo ka ɗaga ta ka ga ko akwai aiki a ƙarƙashi. In akwai, ka rubuta aikin ka jefar da yabon, mai karatu ya yaba da kansa. A nan ne raina ya ɓaci sosai, domin yabon da bakina ya rubuta shi. Wai ni ce ke cewa ban taɓa ganin haziƙi kamarsa ba, ƙwararre, mai amana, mai tausayi, wanda hannunsa ke da albarka wajen allura. Ni da ban taɓa ganinsa riƙe da sirinji ba.

Mai amana na bar masa, amma na sauya ta. Na rubuta cewa ya kwana da mahaifinsa a asibiti tsawon jinyarsa ta ajali, yana ba shi magani a kan lokaci, yana juya shi, yana wanke shi. Wannan na gani da idona, kuma ba kowane ɗa ke yi ba. Da na karanta masa sai ya sunkuyar da kai. Sauran kuwa na ɗaga na ga wayam.

Na tsaya a kan maganar allura. Ya rantse ya yi wa mutane da yawa a shagon, ya koya da kallo. Na shiga ɗaki na ɗauko matashin kai na ajiye a gabansa. Na ce ga ɗuwawun yaro, nuna min inda za ka soka. Ya dangwala yatsa a tsakiya, ƙasa-ƙasa, daidai inda babbar jijiyar ƙafa ke wucewa. Ana yi ne a sama ta gefen waje, duk ɗalibar shekarar farko ta san haka, don in ka taɓa jijiyar nan yaro na iya tashi da jan ƙafa har abada. Na tambaye shi yadda ake yi da allura bayan an yi wa mutum ɗaya, tunda a lokacin sirinjin gilashi muke tafasawa. Ya ce a ɗauraye da ruwan zafi.

Na ɗauke matashin. Na fara tunanin me ya raba shi da shagon nan, don ma'aikatan gwamnati aka mayar jihohinsu, ba yaran shago ba. Na tambaye shi. Ya ce kasuwa ce ta mutu. Har yau ban san gaskiyar ba, kuma ban yarda da wannan ba.

Na kwafe abin da ya rage a sabuwar takarda. Layi biyar ne. Ya yi kusan shekara biyu yana sayar da magani a shago. Yana karatu da rubutu da kyau. Ya yi jinyar mahaifinsa yadda na gani. Bai yi makarantar aikin lafiya ba, ban kuma shaide shi da yin allura ba. Zai iya riƙe ɗakin ajiya ko taimaka wa ma'aikaci mai horo. Na sa hannu na miƙa masa.

Ya karanta ya ajiye ta a kan tabarma. "Wagga ai ba ta ba ni aiki. Hana ni za ta yi."

Na ce ita kaɗai nake da ita.

Da maigida ya dawo daga kasuwa, ƙanensa ya riga ya tare shi a hanya. Mutum ne mai sanyi, bai ɗaga murya ba. Ya ce kowa haka yake rubuta irin wannan wasiƙar, Alhajin ma ya san ana ƙara gishiri, kuma yaron zai koya a bakin aiki. Na ce a jikin ɗan wa zai koya. Sai ya ce na kunyata ɗan'uwansa a cikin gidansu. Wannan ta yi min ciwo, don gaskiya ce. An daɗe a gidan ana gaishe ni a tsaye.

Ba a jima ba na ji ya samu aikin. Ashe ya sake kwafe shafi biyun nan tas, ya kai wa wani tsohon malamin asibiti da ya yi ritaya, wanda idonsa ma ba ya gani sosai, ya sa masa hannu. Na aika wa Alhajin saƙon baki ta hannun wani direban motar albasa cewa ina son ganinsa. Amsar da ta dawo ita ce ya ji akwai saɓani a gidanmu, ba ya shiga maganar dangi.

Daga nan duk wanda aka kawo mana daga ɓangaren Maiyama sai na tambayi ƙauyensu kafin in tambayi ciwonsa. Abokan aikina har tsokanata suke, wai na koma mai ƙidayar jama'a. Damina ta wuce, aka cire albasa, ba abin da na gani. Har na fara cewa ko na zalunce shi.

Ranar wata kasuwar Jega wata mata ta sauka daga kan babur da yaro a kafaɗa, ɗan kamar shekara huɗu. Ɗuwawunsa ɗaya ya kumbura ya yi ruwa, jikinsa zafi rau. Na tsayar da shi in ga takunsa, ƙafar ta ɗauke shi, na yi hamdala a zuci. Na tambayi ƙauyensu, ta faɗa. Na tambayi wanda ya yi masa allura.

Daidai nan abokiyar aikina ta kira sunana, sai fuskar matar ta washe. "Likitanmu na. Ai don ke munka yarda da shi. Ya ce ke matar wansa ta, ke kika koya mishi aikin da hannunki."

Na wanke hannuna, na jawo tiren kayan aiki. Na ce ta riƙe min ƙafafun yaron da kyau, don zai yi kuka.