Gishirin da Na Kawo wa Baba

Babana mai gyaran agogo ne, mai son gishiri na fitar hankali. Kafin ya ɗanɗana miya ya riga ya barbaɗa, Umma tana harararsa. Shekara talatin yana rumfarsa, bai san hanyar asibiti ba sai da ciwon kai ya hana shi ganin allurar agogo. Aka ce hawan jini ne, aka ba shi ƙwaya da takardar gwajin ƙoda. Ƙwayar dai ya sha. Gwajin kuwa ya ce sai ya samu sarari.

Lokacin ina shekarar ƙarshe a karatun abincin marasa lafiya, kaina yana hayaƙi da ilimi. An koya mana cewa sodiyam na cikin gishiri yana riƙe ruwa a jiki, jini ya hau. Fotasiyam kuma yana taimaka wa ƙoda ta fitar da shi. Don haka gishiri kada ya kai ƙaramin cokali a yini, har da na dunƙule da burodi, a yawaita ayaba da wake da alayyafo. Takardar da muke tsara abinci a kanta, layin farko yana tambayar sakamakon ƙoda da sunan magani. Amma marasa lafiyarmu na aji duk na takarda ne, yawancinsu ƙodarsu garau, har hannuna ya saba tsallake layin.

Haka na tsallake shi a kan Baba. Na rubuta masa tsarin mako, na sayo gishirin kantin magani, wanda aka maye rabin sodiyam ɗinsa da fotasiyam.

"Likitar gida, wannan gishirin naki ɗaci gare shi," in ji shi.

"Baba, ka daure mana."

"To, ranki ya daɗe."

Mutumin da Umma ta yi shekara da shekaru tana fama da shi, ni sau ɗaya na faɗa ya bi. Jinin ya sauka, na yi ta taƙama. A mako na biyar ƙafafunsa suka mutu, ya faɗi a bakin rumfa. Likita ta ce ƙodarsa ta daɗe da rauni, ƙwayarsa ma mai riƙe fotasiyam ce, ga na gishirin kuma, fotasiyam ɗin ya taru har ya rikita bugun zuciya. Bai kai la'asar ba. Umma ba ta taɓa ɗora mini laifi ba, ni kuwa har yau ban yafe wa kaina ba.

Da na je kwashe kayan rumfar, na tarar da kwalbar gishirin kusa da kwanonsa, saura kaɗan. Telan da ke maƙwabtaka da shi ya ce kullum sai ya ɗaga ta ya nuna wa mutane, yana cewa 'yarsa ce ta rubuta masa.

Na ja teburin aikinsa, ya yi rawa. A ƙarƙashin ƙafar teburin akwai wata takarda ninki huɗu. Na buɗe, ta gwajin ƙodar ce.