Minti Biyar na Mai Aski

Shekara talatin da takwas nake auren mai aski, kuma wallahi ban taɓa ganin bakinsa a rufe ba sai in yana barci. Shagonsa kujera ɗaya ce da madubi mai tsaga a gefe, amma mutane layi suke yi, rabi don aski, rabi don surutu. Hannu na aiki, baki na aiki, har ya karkaɗe maka wuya bai kai ƙarshen labarin ba.

Bana yanar ido ta rufe masa gani. Ranar da ya yanki wani tsohon abokin cinikinsa a kunne, ya kulle shagon ya dawo gida tun kafin azahar. Likitan ido ya ce aikin ba wuya, sai dai jininsa ya hau sosai, ba za a taɓa idon ba sai ya sauka. Aka rubuta masa sabon magani, aka ce ya riƙa auna jinin a gida, ya dawo bayan sati uku da abin da ya rubuta. In bai sauka ba, a sake ɗaga aikin, shago kuma ya ci gaba da zama a kulle.

Babbar 'yarmu ma'aikaciyar jinya ce a ƙasar waje. Na tura mata hoton kwalin maganin, kafin in ajiye wayar saƙon murya ya shigo. Ku zo ku ga murna wajen uban! Ya kafa wayar a kunne yana amsa mata kamar tana gabansa. Ta ce ƙwaya ɗaya kowace safiya a lokaci guda, kar ya daina don ya ji sauƙi, in ya manta kuma kar ya haɗa biyu washegari, in ƙafa ta kumbura ya gaya wa likita. Ta ce ya auna da safe kafin ya sha maganin, ya sake da yamma, sau biyu kowane zama da minti ɗaya a tsakani, a rubuta rana da lokaci da lambar sama da ta ƙasa. Shi kuwa sai “to uwata” yake yi, yana ba ta labarin maƙwabta.

Tunda ba ya gani sosai, rubutun ya dawo kaina. Kullum zai ɗaura na'urar auna jinin a damtse, ya kunna saƙon, ya shiga hira da shi. Kwana goma lambar sama tana yawo wajen ɗari da sittin. Hankalina ya tashi ƙwarai, har na fara zargin maganin.

Ranar sha ɗaya yana wanka na ɗauki wayar na saurara ni kaɗai. Ashe a tsakiyar saƙon, daidai inda ya saba katse ta da labarin wanda ya sayi sabon babur, cewa take ya zauna minti biyar shiru kafin ya auna, baya a jingine, ƙafa a ƙasa, hannu a kan tebur daidai ƙirji. Har sau biyu ta ce, “Baba, don Allah ban da magana, magana tana ɗaga lambar.” Kwana goma yana binne wannan wurin da muryarsa.

Yana fitowa na zaunar da shi, na ce in ya yi ko tari zan kira 'yarsa in haɗa shi da ita. Minti biyar ɗin nan ya sha wuya, leɓe na rawa, yatsu na motsi kamar da almakashi a hannu. Na'ura ta yi ƙara ta saki: ɗari da arba'in da biyu bisa tamanin da shida. Ban san sanda na buga tsalle ba, ni da gwiwar nan tawa. Na so in yage tsofaffin shafukan, da na gaya wa 'yarmu sai ta hana, ta ce likita yana bukatar ganin komai. Sai na rubuta a gefen kowannensu: yana magana.

Likita ya karanta ya yi dariya har da cire tabarau. Ya ce magani ya kama, shirun ma ya taimaka, nan take ya ba mu ranar aiki. Maigida ya riƙe hannun likitan yana yi masa alkawarin aski kyauta har abada, alhali mutumin sanƙo ne da shi.

Washegarin aikin aka cire masa bandeji. Ya ƙifta, ya karanta agogon bango da ƙarfi, ya ce a kawo masa makullin shago. Sannan ya juyo ya daɗe yana kallona.

“Uwar yara,” ya ce a hankali, “yaushe duk wannan furfurar ta fito miki ban gani ba?”

Na ce tun da na fara jinyarsa. Ya ɗora hannu a kaina, ni kuma na fashe da kuka a gaban mutane, ko kunya ban ji ba.